Yadda Za Ka Gane Ko Sakamakon Binciken Hira da Mutane Kaɗan Abin Dogaro Ne

Na daɗe ina aikin hira da mutanen karkara a Kano da Jigawa, wani lokaci ni ke tambayar, wani lokaci tafinta nake, sau da yawa kuma ni ake bar wa wahalar sauraren rakoda ina rubutawa. Tambayar da ake yawan kawo mini ba ta sauyawa. Ɗalibi zai zo da ita, shugaban ƙungiyar manoma zai zo da ita, haka ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka miƙa wa rahoto aka ce ya yi aiki da shi: "Malam, mutum goma sha huɗu kawai aka yi hira da su. A yarda da wannan kuwa?"

Yawan mutanen ba shi ne wurin da za ka fara dubawa ba. Abin da za ka bi shi ne hanyar da magana ta biyo tun daga bakin mai ita har ta zama jimla a takarda, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa, wa ya ji, wa ya kawo. In hanyar ta biyu, mutum goma sha huɗu na iya koya maka abin da takardar tambayoyi dubu ba za ta koya maka ba. In ta yanke a tsakiya, ko mutum ɗari ne ba su da amfani.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe. Ni na haɗa shi, amma babu aibun da ke cikinsa da ban taɓa cin karo da shi a wurin aiki ba. A ce an kawo maka rahoto kan wani ƙauye a ƙasar Ringim. An yi hira da manoma 14 kan buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda ake rubuta PICS a jikinsa, wanda in an ɗaure kowace leda tam iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Rahoton ya kammala da cewa: "Manoman Jigawa ba sa amfani da buhun saboda tsada. In aka ba su tallafi za su karɓa." Ƙungiyarku kuma tana shirin zuba kuɗi a kan wannan maganar.

Kayan aiki ba su da yawa: rahoton a buge a takarda, biro kala biyu, farar takarda biyu ko uku, lambar wayar wanda ya yi binciken, da mutum ɗaya mai jin Hausa da Turanci sosai in kai ba ka ji. Ka ware yini guda. In har za ka je ƙauyen, sai ka ƙara kuɗin mota da na acaɓa da wani yinin.

1. Fitar da iƙirarin, ka rarraba shi

Kafin ka karanta komai a tsanake, je shafukan ƙarshe ka kwafo abin da rahoton ya ce ya gano, jimla jimla, kowace a layinta. A misalinmu za ka ga abu uku ne aka cusa a buhu ɗaya. Na farko, akwai manoman da suka ce tsada ce ta hana su. Na biyu, wannan shi ne halin manoman Jigawa gaba ɗaya. Na uku, tallafi zai sa su karɓa.

Hira da mutane kaɗan tana iya ɗaukar nauyin irin na farko: waɗanne dalilai ne ke akwai, yaya mutane ke kallon abin, ta yaya suke yanke shawara. Ba ta iya gaya maka mutum nawa ne a jiha ke da wannan ra'ayi, domin ba a zaɓo mutanen ta hanyar da za su wakilci jiha ba. Na uku kuwa hasashe ne kan abin da bai faru ba tukuna. Sa wa na farko alama da shuɗin biro, sauran biyun da ja.

A kula: in ka ga kaso cikin ɗari a irin wannan rahoto, ka mayar da shi kawunan mutane. "Kashi 64 cikin ɗari" na mutum 14 mutum tara ne. Mutum ɗaya ya sauya baki, lissafin ya motsa da kashi bakwai. Rahoton da ya ce "tara daga cikin goma sha huɗu" ya fi gaskiya, domin bai ɓoye ƙanƙantarsa ba.

2. Su wa aka yi hira da su, kuma wa ya kawo su?

Nan ne yawancin rahotanni ke karyewa, don haka kada ka yi gaggawa. Nemi wurin da aka bayyana mutanen. Rahoto nagari zai ba ka jadawali ba tare da sunaye ba: namiji ko mace, shekaru, girman gona, yana amfani da buhun ko ba ya yi, a cikin gari yake ko a ƙauyukan gefe. Ya kuma faɗi dalilin da ya sa aka zaɓi waɗannan, da mutum nawa aka nema suka ƙi.

Sai ka tambayi kanka: wa wannan maganar ta shafa amma ba ya cikin jadawalin? A batun wake amsar a fili take. Maigida ne ke nomawa, amma a gidaje da yawa mace ce ke sayen wake da kaka ta ajiye don ƙosai ko alale, ko don ta sayar in ya yi daraja. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke tara buhuna su kai Gujungu ko Dawanau, akwai mai shagon da ke sayar da buhun, akwai wanda ya gwada sau ɗaya ya bari. In duka 14 ɗin magidanta ne maza, to ba a ji ta bakin rabin masu ajiyar wake ba, kuma rahoton bai isa ya ce "manoma" ba, sai dai ya ce "magidanta".

Abu na biyu ya fi wannan wuyar gani: ta wace ƙofa aka shiga garin? Ba a shiga ƙauye sai ta hannun dagaci ko mai unguwa, wannan ladabi ne kuma dole ne. Matsalar ita ce a bar masa zaɓen mutanen. Na taɓa zuwa wani gari da farar mota mai tambari a ƙofa. Muka gaisa da mai unguwa, ya ce, "Ai mun ji zuwanku, ranka ya daɗe, ga mutanen nan na tara muku." Mutum takwas a kan tabarma, kowa ya ba ni labari iri ɗaya, har kalmomin kusan ɗaya: ba taki, ba iri, ba jari. Na koma ina murna wai maganar ta daidaita. Sai bayan mako biyu ɗan acaɓan da ke kai ni ya ce, "Yallaɓai, ai daren da za ku zo an zauna, an ce kowa ya san abin da zai faɗa, kada a yi wa gari asarar tallafi." Biyar daga cikin takwas ɗin dangin mai unguwa ne. Ban ga laifinsu ba, ni ma da a wurinsu nake haka zan yi. Laifin nawa ne da na ɗauki baki ɗaya a matsayin baki takwas.

Saboda haka in rahoto ya ce "shugabannin al'umma ne suka taimaka wajen zaɓen mahalarta" kuma bai ƙara komai ba, ka kira mai binciken ka tambaye shi: bayan waɗanda aka kawo maka, akwai waɗanda ka nemo da ƙafarka? Mai bincike da ya san aikinsa zai ce eh, ya gaya maka yadda ya yi: ya bi ta wurin mai shago, ya bi ta wurin ungozoma ko malamar Islamiyya, ya je unguwar da ke bayan gari, ya nemi wanda ba ya ɗasawa da masu gari.

3. Goma sha huɗu sun isa?

Ba lamba ɗaya da ta dace da kowane bincike. Abin da masu wannan aiki ke dubawa shi ne lokacin da sabuwar hira ta daina kawo sabon abu, kana zaune da mutum na gaba amma duk abin da ya faɗa ka riga ka ji. A shekarar 2006 wasu masu bincike uku, Guest da Bunce da Johnson, sun bi diddigin hira 60 da aka yi da mata a Najeriya da Gana, suka ga cewa kusan duk manyan batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Tun daga nan ake ta jingina da wannan lamba. Abin da ake mantawa shi ne matan nan yanayinsu kusan ɗaya ne, tambayoyin kuma a tsare suke kan abu guda.

To ka auna da misalinmu. In magidanta 14 ne masu ƙananan gonaki a gari ɗaya, ana tambayarsu abu ɗaya, adadin ba laifi. In kuwa an raba su ne, maza shida, mata huɗu, 'yan kasuwa biyu, masu shago biyu, sannan rahoton ya ce "'yan kasuwa suna ganin kaza", to mutum biyu yake nufi.

Hattara da jimlar "an ci gaba da hira har sai da bayanai suka daina sabuntuwa" in ba hujja a bayanta. Tambayi mai binciken: a hira ta nawa ka ji sabon abu na ƙarshe, kuma mene ne shi? Wanda ya riƙa nazarin hirarrakinsa yana cikin aikin zai amsa nan take. Wanda ya yi duka 14 a kwana biyu ya koma birni ba shi da hanyar sanin haka, domin bai saurari ko ɗaya ba kafin ya gama. Sannan ka tuna da tabarmar mai unguwa: maganganu na iya zama iri ɗaya don kawai daga tushe ɗaya suka fito.

4. Wa ya yi tambayar, a ina, wa ke zaune a gefe?

Amsa tana bin fuskar mai tambaya. In malamin gonar da ya zo da buhun ya tallata shi bara shi ne ya dawo yana tambaya "me ya sa ba ku amfani da shi?", ba wanda zai ce masa, "Malam, na gwada, ɓera ya huda, waken ya lalace." Kunya ba za ta bari ba. "Tsada" amsa ce mai sauƙi: ba ta ɓata wa kowa rai, kuma tana iya jawo kyauta.

Duba waɗannan a rahoton, in babu ka tambaya. Namiji ne ya yi hira da mata ko mace? A gidan da ba a shiga, namiji a zaure zai tsaya, sau da yawa kuma maigida na zaune, wani lokaci ma shi ke amsawa. Matar da ke da kwano ashirin na wake da ta ajiye da kuɗin adashinta ba lalle ta lissafa shi a gaban miji ko kishiya ba. Minti nawa kowace hira ta ɗauka? Ta minti goma sha biyar gaisuwa ce da ɗan ƙari, domin a ƙauye ba a kai ga zancen gaske sai an gama tambayar iyali da gajiya da ruwa. Wane wata aka je? Wanda aka tambaya da kaka, wake na ƙofar gida, da wanda aka tambaya da bazara, rumbu ya yi ƙasa, ba za su ba da labari ɗaya ba.

Sai ka nemi takardar tambayoyin, ta Hausa, wadda aka yi amfani da ita a bakin aiki, ba ta Turancin da ke bayan rahoto ba. Kwatanta waɗannan biyun:

"Baba, tsada ce ta hana ku sayen buhun nan, ko?"

"Baba, waken da ka samu bara, ba ni labarin yadda ka yi da shi tun daga sussuka har ya ƙare."

Ta farko ta sa wa dattijo magana a baki, abin da ya rage masa shi ne ya ce "ƙwarai kuwa, ɗan nan." Ta biyu za ta iya fito da abin da mai tambayar bai taɓa tunani ba: cewa buhu uku ya samu, biyu ya sayar a makon farko don biyan bashin taki da na 'yan ƙwadago, ɗayan kuma aka cinye kafin wata uku. Wanda ba ya ajiya ba ruwansa da buhun ajiya, ko kyauta ne. Idan kalmar da ta zama sakamakon bincike tana cikin tambayar tun farko, ka rage mata daraja sosai.

5. Bi maganar daga Hausa zuwa Turanci

Wannan mataki ne da mu masu jin Hausa muka fi kowa damar yi, kuma shi aka fi tsallakewa. An yi hira da Hausa, an rubuta rahoto da Turanci, a tsakani akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba. Tambayi abu uku: an ɗauki murya ko rubutu kawai aka yi da hannu? An rubuta hirar da Hausa kalma da kalma kafin a fassara, ko kai tsaye aka riƙa juyawa daga kunne zuwa Turanci? Akwai mutum na biyu da ya duba fassarar?

Dalilin da ya sa ake yanke hanya kuɗi ne da lokaci. Rubuta hirar awa ɗaya kalma da kalma yakan ci awa huɗu zuwa shida, fassara kuma aiki ne na daban. Hira 14 aikin mako biyu ne ko fiye ga mutum ɗaya. In aka ce maka an gama hira ranar Alhamis rahoto ya fito ranar Litinin, ka san taƙaitawa aka yi, kuma mai taƙaitawa abin da yake tsammanin ji shi yake rubutawa.

Roƙi mai binciken ya ba ka rubutun Hausa na hira biyu ko uku, an cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum. Kai za ka zaɓi lambobin, misali ta 3 da ta 8 da ta 13, kada ka bari ya zaɓa maka. Sai ka nemi wuraren da Hausa ke cewa a'a cikin ladabi. "To, za mu gani." "Sai a hankali." "Ba laifi." "In Allah ya yarda." "Allah ya ba mu iko." Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san cewa in ka tallata wa dattijo abu ya ce "to, madalla, za mu duba," an sallame ka ne. A takarda kuwa sai ka tarar an rubuta cewa ya nuna sha'awar karɓa. Ni kaina na taɓa fassara "ba laifi" da cewa abin yana da kyau, sai da na sake sauraren muryar na ji yadda matar ta ja kalmar, ta yi shiru, sannan ta sauya zance.

A misalinmu kalmar da za ka sa wa ido ita ce wadda aka fassara da tsada. "Ya yi tsada" daban, "ba hali" daban, "kuɗin ba sa zuwa a lokacin" daban. Na farko yana cewa buhun bai kai kuɗinsa ba. Na biyu yana cewa ko nawa ne babu. Na uku yana cewa matsalar lokaci ce: da kaka ake bukatar buhun, da kaka kuma masu bashi ke tsaye a ƙofa. In an tattara ukun an kira su tsada, to an haɗa cuta uku an rubuta musu magani ɗaya.

A kula: in mai binciken ya ƙi ba ka muryar da aka ɗauka, kada ka zarge shi. Ya yi wa mutanen alkawarin sirri, kuma a ƙauye murya kaɗai ta isa a gane mutum. Wannan alama ce ta kirki. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ce babu rubutun hirar kwata-kwata.

6. Ƙirga bakunan da ke magana a rahoton

Ɗauki farar takarda, ka rubuta 1 zuwa 14 a gefe. Bi rahoton daga farko, duk inda aka kawo maganar wani aka ɗora lambarsa, ka ja ɗan layi a gaban lambar. Aikin rabin awa ne, kuma yakan tona abin mamaki. A ce an kawo magana 22, sai ka ga goma sha uku daga bakin mutum na 2 da na 5 suka fito, shida daga cikin mutanen kuwa ko tari ba su yi ba. Kowane gari yana da mai baki, wanda ya iya tsara zance, ya saba da baƙi, maganarsa na da daɗin kwafowa. Rahoton ya zama ra'ayin mutum biyu da aka yi wa rakiya da goma sha biyu. In kuwa ba a sa wa maganganun lamba ba sam, sai "wani manomi ya ce", ba ka da hanyar sanin ko mutum ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Bayan haka karanta kowace magana ita kaɗai, ka rufe bayanin da marubucin ya yi a samanta da tafin hannunka. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa? Sau da yawa za ka ga kan batu na cewa tsada, maganar da ke ƙasa kuwa tana cewa, "Na je kasuwa sau biyu ban samu ba, da na samu kuma wake ya riga ya fara huda." Wannan rashin samu ne a kan kari.

Sai abu mafi nauyi a wannan mataki: ina wanda ya saɓa? Ba a taɓa tara mutum 14 su yarda a kan komai ba. Rahoton da za a dogara da shi zai nuna maka mutumin da maganarsa ta ƙi shiga layi, ya kuma yi ƙoƙarin fahimtarsa. A misalinmu, a ce akwai wata mai ƙosai da ba ta fi kowa kuɗi ba amma tana sayen buhun duk shekara, ga kuma wani mai shanu da babur da bai taɓa saye ba, jarka yake amfani da ita. Waɗannan biyun sun isa su girgiza zancen tsada, domin mai ƙaramin ƙarfi ta saya, mai hali bai saya ba. Wataƙila abin da ya raba su shi ne wa ke ajiye wake wata biyar ko shida, wa kuma ke da wata dabarar da ta riga ta yi masa. In rahoton bai kawo ko mutum ɗaya da ya saɓa ba, ko dai ba a neme shi ba, ko an ji shi an share.

Tambayi kuma ko mutum ɗaya ne ya rarraba maganganun zuwa batutuwa ko akwai na biyu da ya yi nasa daban suka kwatanta. Ba dole ba ne su zama biyu, amma dole mai binciken ya iya nuna maka yadda ya tashi daga rubutun hira ya kai ga batun. Ɗalibai masu son jerin abubuwan dubawa na iya neman COREQ, mai tambaya 32, ko na CASP mai tambaya 10. Suna taimakawa wajen gano abin da rahoto bai faɗa ba, amma cika su ba ya nufin sakamakon gaskiya ne.

7. Leƙa ta wata ƙofar

Abin da mutum ya faɗa da abin da yake yi ba kullum suke haɗuwa ba, ba don ƙarya ba, haka ɗan Adam yake. Duba ko mai binciken ya gwada maganar da wani abu da ba hira ba: ya shiga ya ga inda ake ajiyar, ya tambayi mai shago guda nawa ya sayar da kuma a wane wata, ya duba farashin buhun ya kwatanta da abin da wake ke ƙarawa tsakanin kaka da bazara. Duba kuma ko ya koma garin ya karanta wa mutanen abin da ya fahimta.

Hattara da wannan komawar. In a dandali aka tara jama'a gaban dagaci aka karanta, aka ce "haka ne?", amsar "haka ne" za a samu. Mai amfani ita ce wadda aka bi mutum uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya, aka ce, "Inna, ga yadda na fahimci zancenki, gyara mini inda na kauce."

In kuɗin da za ku zuba masu yawa ne, ka je da kanka. Ranar kasuwa ta fi, ka tafi a motar haya, ba tambari ba rakoda, ka zauna wurin masu awo ka sayi kwano ɗaya ka yi hira. In da hali ka tafi da mace ta shiga gida biyu ko uku. Wannan ba sabon bincike ba ne, kuma kada ka ɗauki hirarka ta yini ɗaya ta fi tasu. Kana neman abu ɗaya ne: ko akwai wani babban dalili da kowa a garin ya sani amma rahoton bai ambata ba.

8. Mayar da sakamakon daidai girmansa

Koma kan takardarka ta farko mai layi uku. Yanzu ba "na yarda" ko "ban yarda ba" za ka rubuta ba, sake rubuta kowace jimla za ka yi daidai abin da hujjar ta iya ɗauka. In ka tarar mutanen duk maza ne, mai unguwa ya kawo su, amma an ɗauki murya, rubutun Hausa na nan, maganganun sun fito daga bakuna da yawa, to layin farko zai koma kamar haka: "A wannan gari, magidanta tara cikin 14 sun ambaci kuɗi. Huɗu daga cikinsu lokacin fitar da kuɗin suke kuka da shi, ba farashin ba, uku kuma ba sa ajiye wake ya wuce wata biyu." Wannan magana ce da za a iya aiki da ita.

Layi na biyu, na manoman Jigawa, ka soke shi. Abin da za ka iya yi shi ne ka duba ko garinku ya yi kama da wancan: nisansa da kasuwa, girman gonaki, ko wake abin sayarwa ne ko na ci, ko ana noman rani da ke kawo kuɗi a wani lokacin. Garin da ke fadamar Haɗeja mai shinkafa da kayan lambu ba lalle ya yi daidai da garin tudu a ƙasar Gumel ba. Rahoton da ya bayyana garinsa filla-filla ya ba ka damar yin wannan awo, wanda ya ce "wani ƙauye a Arewa" kawai ya hana ka.

Layi na uku, na tallafi, ka mayar da shi tambaya. Maimakon ƙungiya ta sayi buhu dubu ta raba, ta fara da gida talatin ko arba'in a kaka ɗaya, rabi a ba su a farashi mai rangwame, rabi a ba su bashi su biya bayan sun sayar da wake, a tabbatar akwai mata masu ajiya a kowane ɓangare. Da bazara a koma gida gida, a roƙi izini a ga buhun da ido: wake ne a ciki an ɗaure leda biyun kowace daban, ko gero aka zuba, ko yana nan a naɗe a saman rumbu ba a taɓa buɗe shi ba.